Kafin Ka Biya Masu Karɓo Bashi, Ka Nemi Lissafi

Kiran yakan zo ne da lambar da ba ka sani ba. Mai magana ya ambaci cikakken sunanka, ya faɗi sunan wani kamfani da ba ka taɓa ji ba, ya ce banki kaza ya ɗora masa alhakin karɓo kuɗin da yake bin ka. Sai ya faɗi adadi. Wani lokaci adadin ya ninka abin da ka sani a kanka. Wani lokaci kuma ba ka ma taɓa taka ƙofar bankin ba. Kafin ka gama mamaki, ya ba ka wa'adin kwana biyu, ya tura maka lambar asusu, ya kuma shaida maka cewa idan ba ka biya ba sunanka zai shiga baƙin littafi, 'yan sanda za su zo, mutanen gidanku za su ji.

Yawancin mutane a nan sukan ɗauki ɗaya daga cikin hanyoyi biyu. Wani ya tsorata, ya tattara abin da ke hannunsa ya tura don a bar shi ya huta. Wani ya fusata, ya zazzaga wa mai kiran, ya toshe lambar, ya ce in sun isa su zo. Dukansu biyu sun cuci kansu. Na farko ya biya abin da wataƙila ba nasa ba ne, kuma ya ba su makamin da za su riƙe shi da shi. Na biyu ya bar magana tana tafiya a bayan idonsa, har ranar da zai tarar an kwashe masa asusu ko an yanke masa hukunci ba ya nan.

Akwai hanya ta uku, kuma ba ta buƙatar lauya a matakin farko. Tana buƙatar haƙuri, da biro, da adana takardu.

Wane ne wannan mai kira?

Kamfanin karɓo bashi ba shi ne ya ba ka rance ba. Idan banki ko kamfanin ba da rance ya gaji da bin mutum, yakan miƙa sunansa ga wani kamfani ko ofishin lauyoyi, su bi kuɗin a madadinsa. Galibi ladansu kamasho ne daga abin da suka karɓo, wato gwargwadon yawan abin da ka biya, gwargwadon ribarsu. Wani lokaci kuma sayar musu da bashin ake yi dungurungum a farashi mai rahusa.

Abin da ya kamata mai karatu ya gane shi ne, wanda ke kiran nan sau da yawa ba ya riƙe da fayil ɗinka. Abin da ke gabansa layi ɗaya ne a cikin dogon jerin sunaye: suna, lambar waya, adadi. Bai ga takardar yarjejeniyar da ka sa wa hannu ba. Bai san ka biya wani abu a watan azumin bara ba. Idan an yi kuskure a wurin haɗa jerin, shi kuskuren yake bi da dukan ƙarfinsa, yana kuma ganin gaskiya yake bi. Shi ya sa musu da shi a waya ba ya kai ka ko'ina. Ba shi da ikon gyara lissafin, kuma ba don gyara aka ɗauke shi aiki ba.

Ƙa'idar da ke kare ka tsohuwa ce. Dokar Shaida ta Najeriya ta 2011, a sashe na 131, ta ɗora nauyin tabbatar da magana a kan wanda ya kawo ta. Haka abin yake a kotunanmu na Musulunci, inda ake neman hujja daga mai da'awa, ba daga wanda ake ƙara ba. Wanda ya ce yana bin ka, shi zai nuna yadda aka yi bashin da yadda ya kai wannan adadi. Sai dai ƙa'idar tana da ɗaya gefen da mutane ke mantawa. Idan an tabbatar ka karɓi kuɗin, kai kuma ka ce ka biya, to nauyin ya dawo kanka, kai za ka kawo shaidar biya. Rasit da saƙon alat da mutum ya goge don wayarsa ta cika, ranar nan ake kukan rashinsu.

A Amurka akwai doka guda tun 1977 da ta tsara wannan sana'a: mai karɓo bashi zai aiko da sanarwa a rubuce, mutum yana da kwana 30 ya musanta a rubuce, kuma da zarar ya musanta dole a dakatar da bin sa har sai an kawo tabbaci. Mu a Najeriya ba mu da doka ɗaya irin wannan. Kariyar tamu a warwatse take, wani ɓangare a ƙa'idojin Babban Banki, wani a dokar 'yan sanda, wani a dokar bayanan masu cin bashi. Amma idan aka tattara su wuri ɗaya, sun isa su tsaya wa mutum.

Abin da za ka faɗa, da abin da ba za ka faɗa ba

A kiran farko, aikinka tambaya ne kawai. Sunan mai kira, sunan kamfaninsa da adireshin ofishinsa, sunan wanda ya ba da rancen tun asali, lambar rancen, da ranar da aka ba da shi. Sannan ka ce a aiko maka da buƙatar a rubuce. Ka rubuta ranar kiran da lokacinsa. Kada ka ba shi lambar BVN ɗinka, ko ranar haihuwarka, ko wata lambar sirri da ta shigo wayarka, ko da ya ce don ya tantance ka ne. 'Yan damfara ma suna shiga wannan riga, kuma babbar alamarsu ita ce asusun da za su ce ka tura kuɗi a ciki yana ɗauke da sunan mutum, ba sunan banki ko kamfani ba.

Akwai jimla ɗaya da masu wannan aiki suka ƙware a kanta: “Alhaji, ko dubu biyar ce ka tura yau, don mu nuna wa ofis kana da niyya.” Tana kama da sassauci, amma tana da nauyi a shari'a. Biyan wani ɓangare na bashi, ko rubuta saƙon da ke cewa ka yarda ana bin ka, shaida ce a kanka. Bayan haka, doka ta sa wa'adin kai ƙarar bashi na yarjejeniya, shekara shida a wurare irin su Legas da Abuja, shekara biyar a wasu jihohi. Idan wa'adin ya wuce, kotu ba ta sauraron ƙarar. Amma biyan wani abu ko amincewa a rubuce da sa hannu yakan sa a fara ƙirga wa'adin daga farko.

Ba ina faɗar wannan don wani ya fake da shekaru ya cinye haƙƙin mutane ba. Bashin da ka san ka ci yana wuyanka ko kotu ta saurara ko ba ta saurara ba, kuma kowane Musulmi ya san nauyin abin. Maganata a kan wanda ake neman ɗora wa abin da bai ci ba ne. Shi kam dubu biyar ɗin nan ta neman zaman lafiya tana iya zama sa hannu a kan dubu ɗari biyar.

Lissafin wani malami

Mu ɗauki misali, mu bi shi daki-daki. Malamin makarantar sakandare ne, ya karɓi rancen naira 600,000 daga bankin kasuwanci don ya rufa ginin gidansa. Yarjejeniyar ta ce ruwa kashi 2.5 cikin ɗari a wata, zai biya naira 58,500 duk wata har wata 12. Ya biya sau tara. Bakwai daga ciki bankin ne ya cira kai tsaye daga albashinsa. Daga nan aka mayar da albashinsu wani banki, sai ya biya sau biyu ta hannun mai POS na bakin kasuwa. Bayan haka rashin lafiya ta shigo gida, biya ya tsaya. Wata goma bayan ƙarewar wa'adin rancen, sai ga takarda daga kamfanin karɓo bashi, ana neman naira 561,875.

Malam ya san ana bin sa. Abin da ya sani shi ne biya uku suka rage, naira 175,500, da ɗan abin da jinkiri ya jawo. Ta yaya aka kai fiye da rabin miliyan?

Bai yi musu a waya ba. Ya rubuta wasiƙa ɗaya zuwa kamfanin, ya kai kwafinta sashen koke na bankin. Wasiƙar gajeriya ce. Ta ambaci takardarsu da ranarta da lambar rancen. Ta ce bai amince da adadin da aka ambata ba, kuma kada a ɗauki wasiƙar a matsayin amincewa da wani adadi. Ta nemi abu huɗu: takardar da ke nuna bankin ya wakilta kamfanin, kwafin yarjejeniyar da ya sa wa hannu, cikakken bayanin shige da ficen asusun rancen tun daga ranar farko, da fayyace adadin gida-gida, wato nawa ne uwar kuɗi, nawa ne ruwa, nawa ne tara, nawa ne sauran caji. Ta ƙare da neman a dakatar da kira har sai an amsa, kuma duk wata magana ta zama a rubuce. Ya buga kwafi biyu-biyu, ya sa aka buga masa hatimin karɓa da kwanan wata a kan nasa, ya kuma karɓi lambar koke daga bankin. Wannan hatimi da wannan lamba su ne za su yi masa magana a duk ofishin da zai je daga baya.

Da amsa ta zo, sai adadin ya rabu gida huɗu. Saura naira 292,500. Ruwa na wata goma a kan wannan saura, naira 73,125. Tarar jinkiri kashi 5 cikin ɗari a wata, naira 146,250. Sai kuɗin aikin karɓo bashi, naira 50,000. (Na sauƙaƙa lissafin don a iya bin sa, bankuna kan ƙirga ruwa kwana-kwana.)

Gida na farko shi ne tushen ɓarnar. Idan ka raba 292,500 da 58,500, biyar za ka samu. Wato a littafin banki biya bakwai kawai aka shigar, ba tara ba. Biyun da ya yi ta hannun mai POS sun shiga bankin, amma ba a haɗa su da asusun rancen ba, domin sunan da ya fito a kan turawar na mai POS ne, kuma ba a rubuta lambar rancen a wurin bayani ba. Wannan kuskure ya zama ruwan dare. Abin da ya ceci Malam shi ne 'yan siraran rasit biyu da ya ɗauki hotonsu a waya. Takardar POS tana kodewa cikin 'yan watanni har ta koma fara fat, amma hoton ya riƙe dogon jerin lambobin da ke kan kowace turawa tsakanin bankuna, wanda a kan rasit ake rubuta shi da sunan Session ID. Da wannan lamba banki ke iya gano kuɗi ko ina suka maƙale. Aka bi, aka samu naira 117,000 ɗinsa.

Da saura ya koma 175,500, ruwan da aka ɗora a kansa dole ya sauka, ya zama naira 43,875.

Gida na uku kuma ya saɓa wa ƙa'ida ƙarara. Jadawalin cajin banki da Babban Bankin Najeriya ya fitar, wanda ya fara aiki ranar 1 ga Janairu 2020, ya ƙayyade tarar jinkiri a rancen naira: ba za ta wuce kashi 1 cikin ɗari a wata na abin da ba a biya ba, ban da ruwan da aka yi yarjejeniya a kai. Bayanin asusun da bankin ya bayar da kansa kashi 1 ya nuna. Kashi 5 ɗin a takardar kamfanin kaɗai ya bayyana. Wannan ne dalilin da ya sa ake neman takardu daga ɓangarorin biyu, don a ajiye su gefe da gefe. Tarar gaskiya ta wata goma naira 17,550 ce.

Gida na huɗu, kuɗin aikin karɓo bashi, Malam ya karanta yarjejeniyarsa daga farko har ƙarshe bai ga inda ya ɗauki nauyinsa ba. Banki ne ya ɗauki kamfanin aiki, shi zai biya shi. A nan sai an yi hattara, domin wasu yarjejeniyoyin suna ɗauke da sharaɗin cewa mai cin bashi zai biya kuɗin da aka kashe wajen karɓowa. Idan sharaɗin yana nan, to sai a nemi a nuna abin da aka kashe ɗin. Idan babu, babu.

An tashi a kan naira 236,925. Bambancin da ke tsakaninsa da abin da aka nema naira 324,950 ne, ya fi bashin kansa yawa. Malam ya nemi bankin ya ba shi sabon adadin a rubuce a kan takarda mai tambarinsa, suka tsara biya kashi-kashi, ya riƙa biya cikin asusun rancen kai tsaye da lambar rancen a wurin bayani. Da ya gama, bai tafi ba sai da ya karɓi takardar shaidar cewa ba a bin sa komai. Wanda ya biya bashi bai karɓi wannan takarda ba, kada ya yi mamaki idan bayan shekara biyu wani sabon kamfani ya kira shi da tsohon jeri.

Idan bashin ba naka ba ne sam

Wannan ya fi ciwo, kuma hanyoyin da yake zuwa sanannu ne. Kamfanonin waya suna sake sayar da layin da aka daɗe ba a yi amfani da shi ba, sai ka sayi sabon layi ka gaji masu bin tsohon mai shi. Ko a sace waya, a yi amfani da layin da ke haɗe da BVN a ci rance a manhaja cikin mintuna. Ko kuma suna ya zo ɗaya, abin da ba wuya a ƙasar da unguwa guda za ta iya samun mutum biyar masu suna ɗaya da sunan uba ɗaya.

Wasiƙar a nan ta fi gajarta: ban karɓi wannan rance ba, ban ba kowa izini ya karɓa da sunana ba, a nuna mini takardar neman rancen da asusun da aka zuba kuɗin. Tambaya ta ƙarshen nan ita ce mai raba gardama. Rance ba ya tashi a iska, dole ya sauka a wani asusu mai suna da lamba da rana. Idan asusun ba naka ba ne, magana ta kusa ƙarewa. Idan an buɗe shi da sunanka ba da saninka ba, to damfara ce, sai ka kai rahoto ga 'yan sanda ka karɓi takardar rahoton, ka yi takardar rantsuwa a kotu, ka haɗa kwafinsu da wasiƙar. Wanda layi ne ya jawo masa, ya nemi shaidar ranar da aka yi masa rajistar layin daga kamfanin waya. Idan rancen ya girmi rajistar, ba sauran bayani.

Akwai mutum biyu da ake yawan tsoratarwa ba gaira ba dalili. Na farko wanda wani ya rubuta lambarsa a manhajar rance a matsayin wanda za a tuntuɓa. Wannan bai zama mai tsaya wa ba. Tsayawa wani a bashi alkawari ne da mutum ke ɗauka da kansa, a rubuce, da sa hannunsa. Ba a ɗora maka shi don sunanka yana cikin wayar wani. Na biyu magaji. Bashin mamaci daga dukiyar da ya bari ake biyansa kafin a raba gado, kuma wajibi ne a biya idan ya tabbata. Amma ba daga aljihun ɗansa ko matarsa ba, sai idan su ma sun sa hannu ko sun ga dama don sauke wa mamacinsu nauyi. Iyalan da ke cikin zaman makoki su ne mafi sauƙin tatsa, don ba wanda ke son a ce mahaifinsa ya kwanta da bashi. Neman takarda kafin a biya ba rashin tausayin mamaci ba ne. Kare haƙƙin marayu ne, domin duk naira ɗaya da aka biya ba bisa ƙa'ida ba daga rabonsu ta fita.

Barazanar da ba ta da tushe, da wadda take da shi

“Za mu turo 'yan sanda.” Dokar 'Yan Sanda ta 2020, sashe na 32, ta hana kama mutum saboda saɓa yarjejeniya ko rikicin da ba na laifi ba kawai, kuma kotunan ƙasar nan har zuwa Kotun Ƙoli sun sha nanata cewa jami'an tsaro ba masu karɓo bashi ba ne. Doka ta kuma hana kama wani a madadin wani, kamar a tsare mata don mijinta ya fito. Kowa ya san duk da haka ana yi. Idan ta kai ka ga caji ofis, haɗarin da ya fi tsarewar shi ne takardar da za a miƙo maka ka sa hannu cewa ka amince da adadi kaza, ko a ce ka rubuta cek na wata rana mai zuwa. Cek ɗin da ya dawo babu kuɗi laifi ne a ƙarƙashin wata doka ta 1977, mai hukuncin ɗaurin shekara biyu. Da hannunka za ka mayar da rikicin lissafi ya zama shari'ar laifi. Ka nemi lauya ko ofishin Hukumar Ba da Agajin Shari'a ta jiharku kafin ka sa hannu a komai.

“Za mu gaya wa kowa.” Ƙa'idojin kare abokan hulɗa da Babban Banki ya fitar a 2019 sun hana tsangwama da wulaƙanci da barazana wajen karɓar bashi. Sun hana kira tsakanin ƙarfe 9 na dare da 8 na safe ba da yardar mutum ba, sun taƙaita tuntuɓar dangi da maƙwabta da wurin aiki, kuma sun ɗora wa banki alhakin abin da wakilinsa ya aikata. Don haka idan kamfanin ya ci zarafinka, bankin da ya turo shi za ka kai ƙara. Su kuwa manhajojin rance da suka shahara da tura hoton mutum ga duk lambobin wayarsa ana kiransa ɓarawo, hukumar kare haƙƙin masu saye ta FCCPC ce ke sa musu ido, ta kai samame ofisoshin wasunsu a Legas a watan Maris na 2022, daga baya ta wajabta musu rajista. Ka ɗauki hoton kowane saƙo yadda lamba da rana za su fito, ka nemi waɗanda aka tura wa su ma su turo maka nasu.

Barazana biyu kuwa gaskiya ne, kuma su ne dalilin da ya sa toshe lamba ba mafita ba ne.

Ta farko ita ce sunanka a rumbun bayanan masu cin bashi. Kamfanoni uku ke da lasisin wannan aiki a Najeriya: CRC, da FirstCentral, da CreditRegistry. Duk bankin da za ka nemi rance a wurinsa yakan duba su. Dokar 2017 da ta tsara aikinsu ta ba ka damar karɓar rahotonka kyauta sau ɗaya a shekara, da damar ƙalubalantar abin da ba daidai ba. Ka duba dukan ukun, don abin da ke wurin ɗaya ba lallai ya kasance wurin ɗayan ba. Haɗe da wannan akwai tsarin GSI da ya fara aiki ranar 1 ga Agusta 2020, wanda ke ba bankin da ke bin ka damar cirar kuɗi daga asusunka na wasu bankuna ta hanyar BVN, idan ka sa hannu a kan izinin lokacin karɓar rance. Tsarin ya yarda a ciri uwar kuɗi da ruwa ne kawai, ban da tarar jinkiri, kuma bankin da ya cira bisa kuskure dole ya mayar, ga tara a kansa. Amma dawo da kuɗin da aka riga aka cira ya fi hana cirar wahala nesa ba kusa ba. Koken da ka shigar tun da wuri, mai lamba da hatimi, shi ne hujjarka cewa adadin yana cikin taƙaddama kafin a taɓa asusun.

Ta biyu ita ce sammaci. Ƙarar bashi tana da gajeriyar hanya a kotu. Mai ƙara yakan rantse cewa adadin tabbatacce ne kuma wanda ake ƙara ba shi da kariya. Idan ba ka shigar da takardar niyyar kare kai da rantsuwar da ke bayyana dalilanka cikin 'yan kwanakin da aka ba ka ba, alƙali yana iya yanke hukunci a zaman farko ba tare da an kira shaida ko ɗaya ba. Kotunan ƙananan da'awa da aka buɗe a Legas a 2018 da Kano a 2019 ma don sauri aka kafa su. Bayan hukunci, adadin da kake musu a kai ya zama umarnin kotu, ana iya riƙe asusunka ko a yi gwanjon kayanka. Mutumin da ke da rasit a aljihu yana iya faɗuwa shari'a don kawai bai je ba. Ranar da sammaci ya shigo hannunka, ka duba ranar zama, ka je rajistarar kotun ka tabbatar na gaske ne, domin wasu kamfanonin suna buga takarda mai kama da ta kotu don tsoratarwa, sannan ka nemi lauya a makon.

Idan bankin ya yi shiru da kokenka, kada ka tsaya kana zarya a reshe. Ana ba banki mako biyu ga yawancin koke, masu sarƙaƙiya irin na rance da cajin da ya wuce kima kan kai kwana 30. Bayan nan sai ka rubuta wa Sashen Kare Abokan Hulɗa na Babban Banki, ta kowane reshensa na jiha ko ta adireshin cpd@cbn.gov.ng, ka haɗa da kwafin wasiƙarka mai hatimi, da lambar koke, da takardar kamfanin, da rasit ɗinka. Kwafi za ka bayar, na asali su zauna a gida. Abu na farko da za su duba shi ne ko ka fara kai koken ga bankin, kuma wanda ba shi da shaidar hakan, bankin za a mayar da shi ya faro daga farko.